Dogon Ƙwan Lantarki Mai Ƙyafta Ido: Laifin Sitata Ne, Ko Cok, Ko Kuwa Tsufa?

A wannan mako filin namu zai duba wata 'yar matsala da ba wanda bai taɓa cin karo da ita ba, ko a kanti, ko a ajin makaranta, ko a ɗakin majinyata, ko a shagon tela. Watau dogon ƙwan lantarkin nan fari, wanda ma'aikatan wuta ke kira fulorasan, ya kama ƙyafta ido, ya kawo ya ɗauke, ya kawo ya ɗauke, in an ɗaga kai a ga bakunansa biyu sun yi baƙi kamar gindin tukunya. Abin da akasarin mutane kan yi shi ne su aika a sayo sabon ƙwai. Wani lokaci a dace. Wani lokaci kuwa sabon ma bai rufa wata uku ba sai ya bi sawun na farko, a koma ana zagin ɗan kasuwa, ana cewa jabu ya sayar.

To, gaskiyar al'amari ita ce, baƙin nan da ake gani a bakin ƙwai shaida ce kawai cewa ƙwan ya sha wuya, amma bai faɗi wanda ya ba shi wuyar ba. Abubuwa uku ne ke aiki tare a cikin fitilar: ƙwan kansa, da sitata, da cok. Kowanne daga cikinsu yana iya jawo ƙyaftawa, kowanne kuma yana iya jawo baƙi. Amma kowanne yana da irin tasa alama, kuma wanda ya san yadda fitilar ke kamawa ba zai sha wahalar rarrabe su ba. Saboda haka daga nan za mu fara.

Yadda fitilar ke kamawa

Bari mu ɗauki ƙwan da ya fi yawa a ƙasar nan, mai tsawon ƙafa huɗu, wanda aka rubuta wa wat 36 a jiki, ko wat 40 in tsohon yayi ne mai kauri. A kowane baki nasa akwai ƙafafu biyu na ƙarfe. A ciki, tsakanin ƙafafun nan biyu, an ɗaura wata siririyar waya murɗaɗɗiya, irin wadda ake gani a cikin tsohon gulob. An shafe wayar da wani farin sinadari wanda in ya ji zafi yakan saki wuta cikin sauƙi. Cikin kwalbar kuma ba iskar da muke shaƙa ba ce. An zuƙe ta, an sa wata iskar gas kaɗan, da ɗan ɗigon zaiba. Idan wuta ta ratsa tururin zaibar daga wannan baki zuwa wancan, sai ta ba da wani haske da ido ba ya gani, farar hodar da aka shafe cikin kwalbar da ita ce ke juya shi ya zama farin hasken da muke amfani da shi.

Sai dai wutar gida, wadda ƙarfinta ya kamata ya zama bolt 230, ba ta isa ta ƙetare ƙafa huɗu na gas mai sanyi ita kaɗai ba. Tilas sai an yi abu biyu tukuna: a ɗumama wayoyin nan na bakuna, sa'an nan a yi wa gas ɗin bugu ɗaya mai ƙarfi. Aikin sitata da cok ke nan.

Sitata ita ce 'yar gwangwanin nan da ake murzawa a jikin fitila, ba ta fi babban yatsa ba. A cikinta akwai wata 'yar kwalba mai gas, da ƙarafa biyu da ba su taɓa juna ba, ɗayansu yakan lanƙwashe in ya ji zafi. Da an kunna makunni, sai gas ɗin sitata ya yi ɗan haske, ƙarfen ya ɗumama, ya lanƙwashe, ya taɓa ɗan'uwansa. Nan take hanya ta buɗe, wuta ta bi ta cikin cok, ta ratsa wayar wannan baki, ta bi ta sitata, ta ratsa wayar wancan baki. Shi ya sa ake ganin bakunan sun yi ja na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Ana cikin haka sitata ta huce, ƙarafan su rabu farat ɗaya. Shi kuwa cok, wanda ba kome ba ne illa doguwar wayar tagulla da aka naɗe a jikin ƙarfe, halinsa ne ba ya yarda a katse masa wuta ba zato. Da an katse, sai ya yi harbi mai ƙarfin bolt ɗaruruwa, wani lokaci har ya haura 1,000. Wannan harbin ne ke keta gas ɗin, ƙwai ya kama.

Bayan ƙwai ya kama, aikin sitata ya ƙare, na cok kuwa yanzu ya soma. Gas ɗin da ya riga ya kama wuta ba shi da linzami, in aka bar shi zai yi ta zuƙar wuta har ya ƙone kansa. Cok ne ke riƙe da linzamin, ya tsayar da wutar a kan ƙa'ida. A wannan hali ƙwai mai wat 36 yana riƙe da kimanin bolt 100 ne kawai tsakanin bakunansa. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan adadi, domin a kansa sirrin ƙyaftawa yake. An ƙera sitata ne yadda bolt 100 ba zai ishe ta tashi ba. Muddin ƙwai na da lafiya, tana kwance tana barci.

Daga ina baƙin ya fito?

Duk sa'ad da aka kunna fitila, bugun farko yakan ɓantare ɗan wani abu daga sinadarin da aka shafa wa wayoyin baki. Abin da ya ɓantare ba shi da wurin zuwa, sai ya manne a jikin kwalba kusa da wurin. Shi ne baƙin. Ana kuma asarar kaɗan kaɗan a duk tsawon lokacin da fitila ke ci, amma kunnawa ta fi cin sinadarin, musamman in wayar ba ta ɗumama sosai ba kafin bugun ya zo. Don haka ne masu ƙera ƙwai, in za su faɗi yawan awoyin da zai yi, suke yin lissafi a kan cewa duk kunnawa ɗaya zai yi wajen awa uku yana ci. A bisa wannan lissafi, ƙwai na kirki a kan cok irin na da yakan yi awa 8,000 ko fiye. Wanda ake kunnawa ana kashewa sau goma a dare, ko wanda wuta ke ɗauke masa tana dawowa, ba zai kai ko kusa ba.

Idan sinadarin ya ƙare, sai wayar ta zama tsirara, ba ta iya sakin wuta sai da ƙyar. Nan ƙarfin da ƙwai ke bukata don ya ci gaba da ci sai ya hau, ya wuce bolt 100 ɗin nan da nisa. Da ya hau, sai sitata ta farka, ta zaci ba a kunna fitila ba tukuna, ta haɗa ƙarafanta. Haɗawar kuwa ita ke kashe ƙwan, gama wuta ta sami gajeriyar hanya. Ta huce, ta saki, cok ya yi harbi, ƙwai ya kama na ɗan lokaci, ƙarfin ya sake hawa, sitata ta sake farkawa. Haka za su yi ta yi har gari ya waye. Wannan ita ce ƙyaftawar tsufa, kuma a cikinta sitata ba ta yi laifin kome ba, aikinta take yi.

Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma barin fitila a wannan hali yana da tsada. Sitatar da aka yi don ta yi aiki sau biyu ko uku a yini, ga ta tana yi sau dubbai a dare ɗaya. Ƙarshenta ƙarafanta su narke su manne. Da sun manne, wuta fiye da ƙa'ida za ta yi ta bi ta cikin cok ba hutawa, ya yi ta zafi har rufin wayarsa ya soma ƙonewa. Cok ɗin da ya ƙone daga ciki kuwa ba ya riƙe linzami, duk sabon ƙwan da aka ba shi sai ya halaka shi. Watau tsohon ƙwai ya kashe sitata, sitata ta kashe cok, cok ya kashe sabon ƙwai. Wanda ya cire ƙwai ran da ya soma ƙyafta ido ya tsinke wannan sarƙa tun daga farkonta.

A karanta baƙin tukuna

Ba kowane duhu a jikin ƙwai ne alamar mutuwa ba. Baƙin tsufa mai kauri ne, yana farawa daga gindin hular ƙarfen da ke bakin ƙwai, ya bazu kamar faɗin yatsu biyu ko uku, kuma sau da yawa baki ɗaya ya fi ɗaya. In an kunna, wurin yakan yi ja ko ruwan goro maimakon fari. Akwai kuma wani siririn zobe mai ruwan toka da kan fito ɗan nesa da baki. Wannan ba ya hana ƙwai aiki, ana iya ganinsa a jikin ƙwan da ke da sauran rai mai yawa. Haka nan ɗigo ɗigo masu duhu a ƙasan kwalba, musamman a sabon ƙwai ko lokacin sanyi, zaiba ce ta taru a inda ya fi sanyi, in ƙwan ya ɗumama takan watse.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: yaushe aka sa ƙwan? Baƙi a jikin ƙwan da ya shekara huɗu yana aiki, furfura ce, lokacinta ne ya yi. Baƙi a jikin ƙwan wata uku kuwa, lalle akwai mai laifi a cikin fitilar, kuma in ba a kama shi ba, kuɗin sabon ƙwai asara ne. Saboda haka yana da kyau duk wanda ya sa sabon ƙwai ya rubuta wata da shekara da fensir a jikin hular ƙarfen.

Alamomin sitata da na cok

Sitata takan lalace ta hanya uku. In ta manne, bakunan ƙwai biyu za su yi ja su tsaya haka nan, tsakiya duhu, ba ƙyaftawa, ba 'yar ƙarar nan ta ƙyas ƙyas da aka saba ji. In ta mutu sarai, fitila ba za ta nuna alamar kome ba, ko kuwa a ga ɗan haske dishi dishi a bakuna kawai. In kuma ta tsufa ta raunana, sai ta riƙa farkawa ko a kan bolt 100, ta riƙa kashe ƙwai lafiyayye, ko kuwa ta riƙa saki da wuri tun wayoyi ba su ɗumama ba, a yi ta bugu sau bakwai sau takwas kafin a kama. Wannan ta ƙarshe ita ce mai baƙanta sabon ƙwai a ɓoye.

A lura kuma da rubutun da ke kanta. Wadda aka rubuta wa S10, ko 4-65W, ita ce ta ƙwai guda a kan cok guda. Wadda aka rubuta wa S2, ko 4-22W, an yi ta ne domin gajerun ƙwayaye masu ƙafa biyu, musamman inda biyu ke raba cok ɗaya. In aka sa S2 a kan ƙwai mai ƙafa huɗu, za ta yi ta farkawa tana kashe shi, ko da shi da ita sababbi ne fil. In kuma aka sa S10 a fitilar da ƙwayaye biyu ke raba cok, ba za su kama ba.

Shi kuwa cok, shi ne ya fi su duka tsawon rai, saboda haka shi ne na ƙarshe da ya kamata a tuhuma. A jikin mafi yawansu za a ga an rubuta tw 130. Ma'anarsa, in zafin wayar cikinsa bai wuce digiri 130 ba, an ƙiyasta zai shekara goma yana aiki dare da rana, kuma duk ƙarin digiri goma yana rage wannan rai da rabi. Cok ɗin da wayarsa ta tsinke ba ya barin kome ya wuce, ko sitata ba za ta yi haske ba. Wanda wayoyinsa suka haɗe gaba ɗaya, da an sa sabon ƙwai sai a ga walƙiya guda, shi ke nan, wayoyin bakin ƙwan sun tsinke. Mai wuyar ganewa shi ne wanda ya haɗe rabi da rabi. Fitila tana kamawa, har haskenta ya fi na sauran, amma jikinta zafi ƙwarai, ana jin ƙaurin fenti, launin cok ya koma ruwan ƙasa, ƙwai kuma yana baƙi cikin 'yan makonni. Gurnani shi kaɗai ba hujja ba ne, domin sau da yawa kusar da ta ɗaure cok ce ta saki. Har ila yau a duba ko wat ɗin cok ya dace da na ƙwai. Cok mai wat 58 a kan ƙwai mai wat 36 zai ɗura masa wutar da ta fi ƙarfinsa, ya tsufar da shi da wuri, alhali cok ɗin lafiyarsa lau.

Mai laifi na huɗu

Akwai wani mai laifin da ba ya cikin fitila sam, kuma a garuruwanmu ya fi sauran ɓarna, watau ƙarancin ƙarfin wuta. An ƙera sitata da cok ne don wuta mai bolt 220 zuwa 240. Idan ta sauka ƙasa da wajen 200, kamar yadda takan yi da magariba a unguwannin da taransifoma ta yi wa kaɗan, sai sitata ta yi nauyin tashi, wayoyi ba su ɗumama sosai, harbin cok kuma ya raunana. Alamarsa a fili take: fitilun gidan duka ne za su ƙi kamawa lokaci guda, fanka ta rage gudu, in dare ya raba kuwa kome ya koma daidai. Haka ƙaramin janareta da aka ɗora wa kaya fiye da ƙarfinsa yake yi. Sanyin hunturu da asuba, a wurare irin su Jos, shi ma yakan sa ƙwai ya yi nauyin kamawa, ko haskensa ya riƙa murɗawa kamar maciji har ya ɗumama. A duk wannan, sauya ƙwai ko sitata ba ya maganin kome. Abin yi shi ne a kashe fitilar da ta kasa kamawa, kada a bar ta tana ta bugu, gama kowane bugu yana ɓantarar ranta.

Gwaji bi da bi

Ƙa'idar ita ce a fara da mai araha, a kuma sauya abu ɗaya tak a kowane mataki. Da fari a kashe makunni, a ɗan murza ƙwan a mazauninsa, domin ƙafar da ba ta zauna daidai ba tana jawo ƙyaftawa, musamman wadda kan zo in an buga ƙofa. In an ga mazaunin ya ƙone ko ya fashe, to an sami dalili.

Na biyu, a kunna, a jira sa'ad da ƙwai ya kama, sa'an nan a murza sitata a zare ta, da busasshen hannu, a kan kujerar katako, kuma in jikinta na roba ne. In haske ya tsaya cak bai ƙara motsi ba, sitata ce ke kashe shi. In ya mutu, ko ya ci gaba da rawa da ja a baki ɗaya, ƙwai ne ya ƙare. Idan kuma bakuna ne kawai suka yi ja suka tsaya, zare sitatar yakan sa ƙwan ya kama nan take, wannan kuwa tabbaci ne cewa ta manne. Inda hannu ba ya kai wa sitata sai an cire ƙwai, a kashe wuta, a aro ta fitilar da ke aiki lafiya a gwada.

Na uku, a kai ƙwan da ake tuhuma fitila mai lafiya. In ya yi halinsa a can, shi ne. Amma a kula: in ana zargin cok, kada a kawo ƙwai mai kyau a gwada a fitilar da ake tuhuma, domin yana iya mutuwa cikin ƙiftawar ido.

Na huɗu aikin mai gyaran wuta ne, ko wanda ya iya mita. A kashe wutar daga babban makunni, kada a dogara da na bango, domin akwai gidajen da aka yi kuskuren haɗi, makunni na kashe amma wuta na nan a fitila. A auna tsakanin ƙafafu biyu na baki ɗaya na ƙwai: waya mai rai takan nuna om kaɗan, ƙasa da goma, tsinkakkiya kuwa ba ta nuna kome. Sai dai a sani, wayar na iya zama ba ta tsinke ba amma sinadarinta ya ƙare, saboda haka wannan awo yana tabbatar da mutuwa ne kawai, ba ya tabbatar da lafiya. Sa'an nan a cire waya ɗaya daga cok a auna shi. Cok mai wat 36 ko 40 yakan nuna om wajen 30 zuwa 60, gwargwadon ƙirarsa. Hanya mafi inganci ita ce a kwatanta shi da ɗan'uwansa mai lafiya na kamfani ɗaya.

Misali daga shagon tela

Mu ƙaddara wani tela yana da fitilu uku iri ɗaya, kowacce wat 36, yana kunna su awa shida a dare, kwana 300 a shekara, watau awa 1,800 ke nan. Dukansu uku suna ba shi matsala, an kuma ce masa ya sayi ƙwai uku.

Ta farko, ta bakin ƙofa, ƙwanta ya shekara huɗu, watau awa 7,200, ga yawan ɗaukewar wuta. Bakunansa baƙi ƙirin, yana kawowa yana ɗaukewa, baki ɗaya ja. Aka zare sitata sa'ad da ya kama, sai ya yi rawa ya mutu. Wannan tsufa ne. Maganinsa sabon ƙwai tare da sabuwar sitata, domin tsohuwar ta sha bugun da ya isa.

Ta biyu, ta kan keken ɗinki, an sa mata sabon ƙwai wata uku da suka wuce, bai kai awa 500 ba, amma ya soma baƙi. Yanzu bakunansa ne kawai ke ja. Aka zare sitata, sai ya kama tangaran. Da aka bincika, ashe ran da aka sauya ƙwan ba a sauya sitata ba. Ta daɗe tana yi masa bugun sanyi, daga bisani ta manne. Sabuwar sitata kawai ake bukata. Ƙwan zai ci gaba da aiki, ko da yake an riga an ci wani kashi na ransa, kuma baƙin da ya yi ba zai goge ba.

Ta uku, ta kan teburin yanka, ta cinye ƙwai biyu cikin wata biyu. Tana kamawa da sauri, haskenta ya fi na sauran, amma ba a iya dafa jikinta don zafi, ga ƙauri. Mai gyara ya auna cok ɗinta ya sami om 15, na fitilar bakin ƙofa kuwa 45. Wayoyinsa sun haɗe. Da an sa mata ƙwai na uku, da shi ma ya tafi.

Ashe maimakon ƙwai uku, abin da shagon ke bukata shi ne ƙwai biyu, da sitata uku, da cok ɗaya. Da an bi shawarar farko, da fitila ɗaya ce kawai za ta warke. In kuma bayan gyara aka ga duka ukun suna nauyin kamawa da ƙarfe bakwai na dare, mita ta nuna bolt 190, to wannan ba laifin kayan ba ne, kada a sake kwance kome.

Fitilun da ba su da sitata

Wanda ya duba fitilarsa bai ga sitata ba, to cok ɗinta na zamani ne, marar nauyi, mai 'yan kayan rediyo a ciki. Irin wannan yana kunna ƙwai da kansa, yana kuma juya wuta sau dubbai a daƙiƙa, don haka ido ba ya ganin rawa. In ƙwai ya tsufa, na kirki daga cikinsu yakan kashe kansa, sai a ga fitila ta yi walƙiya ɗaya ta ɗauke. Masu arahar kuwa sukan kunna ƙwai ba tare da ɗumama wayoyi ba, shi ya sa ƙwai ke saurin baƙi a kansu. A nan abu biyu ne kawai za a rarrabe: a gwada ƙwai mai kyau, in bai kama ba cok ne. Ba a auna irin wannan cok da om kamar na da.

Daga ƙarshe, in cok ne ya mutu, ya kamata a tsaya a yi lissafi kafin a sayi wani. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana shigar da sababbin ƙwayayen nan kasuwa tun 2023 saboda zaibar da ke cikinsu. A shekarar kuma ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Minamata, wadda Nijeriya ta tabbatar da shigarta a 2018, suka amince a daina ƙera su da cinikinsu tsakanin ƙasashe zuwa 2027. Dogon ƙwan LED mai ƙafa huɗu yana cin kimanin rabin wutar fulorasan, kuma ba ya bukatar bugu. Sai dai haɗinsa iri iri ne. Wani ana barin tsohon cok a sauya sitata da wadda ta zo tare da shi, wani kuwa sai an cire cok da sitata duka. A karanta abin da aka zana a kwalinsa kafin a haɗa. Amma fitilar da sitata ce kawai ta gaza, ba dalilin da zai sa a yar da ita.

Tsohon ƙwan da aka cire kuma kada a bar wa yara su yi takobi da shi, kada a fasa shi a tsakar gida. A mayar da shi cikin kwalin sabon. In ya fashe a ɗaki, a buɗe taga, a fita na kamar minti goma sha biyar, sa'an nan a kwashe da kwali da jiƙaƙƙen tsumma, ba da hannu ba, a ƙulle a leda.